Lambar Da Ta Shigo Wayarka, Taka Ce Kai Kaɗai

Sana'ar POS nake yi a Kurudu, bakin titin da ya taso daga Nyanya ya nufi Karshi, kuma sau da yawa a gaban teburina mutum ke fara gane an yashe masa asusu. Ya miƙo kati, na'ura ta ce babu kuɗi, sai ka ga gumi ya karyo masa. Ni ma masu yashe asusun sun taɓa kira na a waya, shi ya sa na san yadda maganarsu take da daɗin ji.

Wanda ya kira ya yi sallama cikin ladabi, ya ce daga banki yake. Ya faɗi cikakken sunana da ranar haihuwata, ya ce BVN ɗina ya samu matsala, za a rufe asusuna kafin la'asar. Gabana ya faɗi, domin jarina duka a ciki yake. Muna cikin magana saƙo ya shigo da lambobi shida, ya ce in karanto masa.

Daga baya na fahimci yadda abin yake. A lokacin da yake magana da ni, shi ne yake ƙoƙarin shiga asusuna daga wata waya. Banki kuwa ba ya buɗe ƙofa sai ya turo lambar OTP zuwa layin mai asusu. Saƙon na gaskiya ne, mai kiran ne ɓarawo. Abin da ya cece ni shi ne na tsaya na karanta saƙon har ƙarshe, na ga an rubuta kada a ba kowa lambar.

Don haka sanin sunanka, ko ma lambobi 11 na BVN ɗinka, ba shaida ba ce. Irin waɗannan bayanai suna yawo a hannun mutane. Ma'aikacin banki ba ya tambayar OTP, ko PIN, ko lambobi uku na bayan kati. Idan aka ce maka yanzu-yanzu, kashe wayar, ka kira lambar da ke jikin katinka da kanka.

Dabarar ɗaya ce a WhatsApp. Za a ce maka akwai taron ƙungiyar 'yan garinku, an turo lambar shiga. Kana bayarwa an ƙwace shafinka, a fara roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka. Shiga `Settings`, sai `Account`, ka kunna `Two-step verification`.

Idan har lambar ta riga ta fita, kada kunya ta sa ka yi shiru. Kira banki nan take a toshe kati da asusu, tun kafin a rarraba kuɗin. Kuma don Allah, yau da daddare ka zauna da Baba da Inna ka yi musu wannan bayani, domin su ne ba sa iya katse wa mai ladabi magana.