Bireka ba ta yi ƙarya ba

Da ake wayarin sabon gidana a Kano, mai aikin ya ce hitar banɗaki da na'urar sanyaya ɗaki kowace a ja mata layinta daga akwatin raba wuta. Na duba kuɗin waya, na ce a haɗe su da soket-soket na ɗakin a layi guda, da waya mai kaurin 2.5. Ya ce, "Alhaji, ba za ta ɗauka ba." Na ɗauka ciniki yake nema.

Bayan mun tare, bireka mai amfiya 20 ta riƙa faɗuwa. Nan na tafka babban kuskuren: na sa wani yaron unguwa ya canza ta da mai 32. Faɗuwa ta tsaya, har ina yaba wa kaina. Ba a jima ba ƙaurin roba ya fara tashi, soket ya yi zafi, gefensa ya yi baƙi.

Mai aikin da ya dawo bai yi mini gori ba, lissafi ya yi mini a bayan kwali. Ana raba wat ɗin kaya da 230, ƙarfin wutarmu ke nan, sai a sami amfiyar da yake ja. Hita mai wat 3000 tana jan 13, dutsen guga mai 2000 kusan 9, na'urar sanyaya ɗaki wajen 6. Idan suka haɗu, 28 ke nan. Ita kuwa waya mai 2.5 da ke cikin fayif a bango, iyakarta wajen 24, kuma a zafin bazara ba ta kai haka, don ba ta samun hucewa. Aikin bireka ta yanke wuta kafin waya ta ƙone. Da na sa mai 32, sai wayar ta riƙa dahuwa a bango, bireka na zaune lafiya.

Abin da ya cece ni fayif ne. Da ma mai aikin ne ya ƙi binne waya tsirara a siminti, ya kuma bar fayif na rara, don haka aka zare ƙonanniyar ba tare da fasa bango sosai ba. Hita da na'urar sanyi kowace ta sami waya mai kaurin 4 da birekarta, soket suka zauna a 2.5 da mai 20, fitilu a 1.5 da mai 6.

Garin zarewa muka tarar wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, ba ta ma isa jikin hitar ba. Da wuta ta taɓa gangar jikinta, mai wanka ne hanyarta. Mai aikin ya haɗa wayar, ya auna sandar jan ƙarfen da aka kafa a tsakar gida, sannan ya ƙara makashin da ke yanke layi da zarar miliamfiya 30 ta zurare. Yana da maɓallin gwaji, na danna, layin banɗaki ya mutu nan take.