Makullin da ke hannun Yaya

Litinin
Ƙarfe bakwai na safe, ina wanka, Yaya ta buɗe ƙofa da makullinta. Ko sallama ban ji ba. Na fito da ɗaurin ƙirji na tarar da ita tana leƙa tukunya. Tun da muka bar Zangon Agege muka kama ɗaki da falo a Iyana Ipaja, Maigida ya ba ta makulli saboda lalura. Ita ta riƙe Maigida bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka matsayin uwa take da shi.

Talata
Bayan isha'i na yi wa Maigida magana. Ban kawo ƙarar halinta ba, abu biyu kawai na roƙa: ta kira kafin ta taso, makulli kuma ya dawo. Na tuna masa cewa Suratun Nur, aya ta 27 da 28, ta yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani, aya ta 58 kuma ta ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin asuba, lokacin hutun rana, da bayan isha'i. Ya yi shiru, can ya ce, "Daga bakina ya kamata ta ji."

Juma'a
Bayan an sauko masallaci muka hau danfo zuwa Agege da goro da turare. Gidanta muka zaɓa, don babba ba a kiransa a yi masa gyara. Sai da yara suka fita Maigida ya ce, "Yaya, gidana gidanki ne. Amma ki riƙa bugo waya kafin ki taso, makullin kuma muna buƙatarsa." Ta ce, "Wato amarya ta gaji da ni?" Na durƙusa na ce, "A'a Yaya. Lahadi bayan la'asar taki ce, ba na karɓar ɗinki ranar." Ta miƙo makullin ba ta dube mu ba.

Asabar
Shiru. Na aika mata dambun nama, na bi da kiran gaisuwa. Ban sake tayar da zancen ba, ban kuma ba da haƙuri a kansa ba, domin da na yi haka maganar ta rushe.

Laraba
Ta zo babu waya, ina shirin kai ɗinki Egbeda. Na gaishe ta, na ba ta ruwa, na ce, "Yaya, fita zan yi, mai kaya na jirana." Na rufe ƙofa, na raka ta tasha, na biya mata kuɗin mota. Zuciyata na bugawa, amma ban fasa fitar ba.

Lahadi
Da azahar waya ta yi ƙara: "Kuna gida?" Na ce muna nan. Na tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe. Ta ce gishiri ya yi kaɗan, ta kuma ƙara malmala. Sai bayan magariba Maigida ya raka ta.