Yadda na haɗa bidiyon biki na 4K da tsohuwar laftof mai ram giga 8

1/ Duk wanda laftof ɗinsa ke sandarewa da zarar ya jefa mata bidiyon 4K, ya matso kusa. Zan ba ku labarin aikin bikin da ya kusa zubar min da mutunci, da abin da na koya a kan furoksi da rage ingancin firibiyu. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

2/ Laftof ɗina ta hannu ce na saya. Ram giga 8, firosesa tsoho mai kwa biyu, batiri kuwa in ya yi minti ashirin ya yi ƙoƙari. Da ita nake cin abinci, kuma muddin aikin 1080 ne muna lallaɓawa. Sai wata Hajiya ta ba ni aikin bikin 'yarta, ta ce 4K take so. Na yi hayar kyamara, na ce mata kwana biyar bayan biki za ta ga aikinta. Kuɗin kafin alƙalami ma tuni ya tafi a hayar.

3/ Kamu, yini da kai amarya, na dawo da ɗaukar awa uku. Kyamarar tana rubuta 100 Mbps, wato kusan giga 45 a awa ɗaya, jimilla giga 135. Na zuba a Premiere Pro na danna kunnawa. Sauti na tafiya, hoto ya tsaya a kan fuskar wani maroƙi. Bayan daƙiƙa biyar ya yi tsalle ya sake tsayawa. Fanka kuwa sai kuka take kamar injin markaɗe. A daren farko ban yanka ko minti biyu ba.

4/ Abin da kowa ke fara yi shi na yi. A ƙasan Program Monitor akwai wurin da aka rubuta Full, na mayar da shi 1/2, sannan 1/4. Hoton ya dushe, amma tsalle-tsallen bai daina ba. Nan na rikice. Na rage inganci, me kuma ya rage?

5/ Da safe na kira maigidana, wanda ya koya min aikin. Na ce, "Oga, na sa 1/4 amma har yanzu tana laƙewa." Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ka rage girman kwanon da za a zuba tuwon, amma tukunyar da ake tuƙawa tana nan yadda take. Je ka yi furoksi." Sai daga baya na gane maganar.

6/ Ga abin da ke faruwa. Yawancin kyamarori da wayoyi suna adana bidiyo da H.264 ko H.265. Waɗannan ba sa ajiye kowane firem cikakke. Suna ajiye cikakken hoto ɗaya, sai firem ɗin da ke biye su riƙe abin da ya canza kaɗai. Kamar littafin bashin mai shago ne: yau an ƙara ɗari biyu, gobe an rage hamsin. In kana son sanin bashin ranar Laraba, dole ka koma inda aka yi jimilla ta ƙarshe ka lissafo.

7/ To haka firosesa ke yi duk sanda ka ja alamar taimlayin gaba ko baya. Sai ya koma cikakken firem ya lissafo, kuma kowane firem na 4K ɗigo miliyan 8 ne da 'yan kai (3840×2160). Sa 1/4 yana rage aikin da ke zuwa bayan an warware firem ɗin, wato gyaran kala, rubutu da sauran ifet. Warwarewar kanta, wadda ita ce ke kashe tsohon firosesa, tana nan kusan yadda take.

8/ Furoksi kuwa kwafi ne mara nauyi na kowane fayil. Da shi kake yanka, amma in ka zo fitar da aiki manhajar ta koma kan na asali. Na zaɓi dukkan fayilolin a Project, na danna dama, Proxy > Create Proxies. Na ɗauki ProRes 422 Proxy a 1280×720. Sunayen zaɓin sun ɗan bambanta daga siga zuwa siga, amma abu biyu kake nema: ƙaramin girma, da kodek mai sauƙin warwarewa.

9/ Me ya sa 1280×720? Ɗigonsa 921,600 ne, kashi ɗaya cikin tara na 4K, kuma siffarsa 16:9 ce daidai da ta asali, don haka babu baƙin layi a gefe. Me ya sa ProRes ba H.264 ba, alhali H.264 ya fi ƙanƙanta? Saboda ProRes yana ajiye kowane firem cikakke, babu komawa baya a yi lissafi. Kuɗin da za ka biya shi ne wuri: kusan giga 9 zuwa 10 a awa. Awa ukuna ya ci min ƙasa da giga 30.

10/ Inda ka ajiye su ma magana ce. Na asali na bar su a diskin waje, furoksi kuma na sa su a SSD na cikin laftof. In ka zuba furoksi a filas mai jan ƙafa, ka magance ciwon firosesa ka ɗauko na diski.

11/ Yin furoksin kansa aiki ne, kar wani ya yaudare ka. Media Encoder ne ke yi, shi ma yana cin ram ɗinsa. Na jera su bayan isha'i, na rufe burauza da duk wani abu, na ɗora laftof a kan littattafai biyu don iska ta shiga ƙasa. Cikin dare aka ɗauke wuta, batiri ya mutu. Waɗanda suka gama suna nan, sauran na ƙarasa a shagon wani abokina mai sola. Kwana ɗaya da rabi suka tafi a haka, saura biyu da rabi.

12/ Da suka gama na koma na kunna. Har yanzu tsalle! Raina ya ɓaci, na kusa rufe laftof ɗin. Ashe ban kunna maɓallin ba. Yin furoksi daban, amfani da shi daban. A ƙasan Program Monitor ka danna alamar +, ka jawo Toggle Proxies cikin maɓallanka. In ya yi shuɗi, furoksi ke aiki. Ina dannawa, bidiyo ya tafi sumul kamar ba laftof ɗina ba.

13/ A nan ne rage firibiyu ya fara amfani. Da na ɗora gyaran kala da sunayen ango da amarya, sai ta soma ɗan laƙewa. Na sa Playback Resolution a 1/2, wurare masu ifet da yawa 1/4, na cire High Quality Playback. Na kuma kunna Show Dropped Frame Indicator daga alamar sifana. Kore na nufin lafiya, in ya koma ruwan ɗorawa ana zubar da firem. Furoksi maganin nauyin fayil ne, 1/4 maganin nauyin ifet. Kowa da ciwon da yake warkarwa.

14/ In ba ka san wanne ciwo ke damunka ba, buɗe Task Manager yayin da bidiyo ke tafiya. CPU a 100% kuma ba ka sa ifet ba, fayil ne ya yi nauyi, yi furoksi. Memory ta haura 90% kuma Disk na ta aiki, ram ne ya cika, Windows na kwashe kaya zuwa diski. A nan ka rufe burauza da Media Encoder, ka raba aikin. Ni kamu, yini da kai amarya kowanne furojet ɗinsa na yi masa, maimakon in loda awa uku a wuri ɗaya.

15/ Yanzu ga inda na ci ƙasa. Na gama a rana ta biyar da yamma, na fitar da aiki, ya ɗauki awa huɗu. Na sa a filas na kai gidan maƙwabcinmu mai babbar talabijin don in duba. Muka zo wurin da mahaifin amarya ke yi mata nasiha kafin a fita da ita, wurin da ya fi ko'ina daraja a bidiyon. Fuskar Alhaji a dushe take. Labulen da ke bayansa kuwa tar, har zaren jikinsa kana gani. Kyamara ta kama labule ta bar mutum, daƙiƙa arba'in cur.

16/ Kwana biyu ina kallon wurin nan ban gani ba. A furoksin 720, a 1/2, cikin ɗan taga a allon inci 14, komai ɗan dushi-dushi yake, sai ido ya saba. Na ma sa Paused Resolution a Full ina ganin na yi dabara, amma muddin Toggle Proxies na kunne, in ka tsayar da hoto furoksin kake gani, ba na asali ba.

17/ Na kira Hajiya gabana na faɗuwa. Na ce, "Hajiya, a yi min afuwa zuwa gobe, akwai wurin da zan gyara." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗana, dangin ango na gayyato su zo kallo yau. Ka ce min kwana biyar." Ba ta ɗaga murya ba, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

18/ Allah ya taimake ni ƙanena ya ɗauki wurin da waya daga gefe. Na bar muryar Alhaji daga kyamara, na rufe mafi yawan daƙiƙa arba'in ɗin da hoton waya da hannun amarya cikin na babanta. Na sake fitarwa, wata awa huɗun. Na kai da azahar washegari. Ta biya ni cikon kuɗina, amma bikin ƙanwar amaryar ba ni aka kira ba.

19/ Tun daga ranar, kafin in fitar da kowane aiki, ina kashe Toggle Proxies, in bi taimlayin yanka bayan yanka. Ba kunnawa nake ba, laftof ɗin ba za ta iya ba. Tsayarwa nake a kan kowace fuska, in sa zum a 100%, in kalli ido. Haka ma ƙwayar hoton dare da santsin fata, a kan na asali nake duba su. Minti talatin yake ci min.

20/ Sai abu ɗaya na ƙarshe: ka tabbata diskin da ke ɗauke da fayilolin asali yana jone kafin ka danna Export. In babu su, Premiere zai gargaɗe ka cewa da furoksi zai fitar, kuma mai gaggawa yana iya danna OK bai karanta ba. Kar kuma ka goge na asali don ka ga furoksi na aiki. Su ne bikin, furoksi inuwarsu ce kawai.

21/ Har yau da laftof ɗin nake aiki. Ina tara kuɗin ƙarin ram, ba na ce ba na so ba. In taka na laƙewa, turo min hoton Task Manager ɗinka lokacin da bidiyo ke tafiya, da irin fayil ɗin da kyamararka ke fitarwa, mu duba tare.