In Ka Tura Kuɗi Asusun Da Ba Shi Ba

A kujerar sakatare, nakan karɓi koken waɗanda suka tura wa baƙo kuɗi bisa kuskure. Abin da nake fara faɗa musu shi ne, banki ba ya cire kuɗi daga asusun mutum sai da yardarsa ko umarnin kotu.

A ce ka tura naira 150,000 kuɗin albasa, sai ka ga sunan wani a rasit. Ka je bankinka a ranar, ba bankin mai karɓa ba. Ka rubuta takardar koke, ka haɗa da rasit mai Session ID, lambar nan mai alƙaluma 30 da ake bin sawun kuɗi da ita. Bankinka zai nemi wancan bankin ya riƙe kuɗin, ya tuntuɓi mai asusun. In ya amince, a dawo maka da su. In ya ƙi, sai ka ɗauki lauya ya samo umarnin kotu. In kuwa ya riga ya kwashe, babu abin riƙewa, sai bin bashi. Shi ya sa ba a bari a kwana.

In banki ya yi shiru har mako 2, ka kai ƙara Babban Bankin Najeriya. Allah Ya tsare mana dukiyarmu.