Jeren Kanta da Teburin Falo

Iyayenmu mata a Sakkwato sukan jera kwanuka hamsin ko fiye a bango guda, amma ba wanda zai shiga ɗakin ya ce an tara tarkace. Yau kuwa sai ka ga kanta mai kaya ashirin kacal, ido ya rasa inda zai sauka. Na daɗe ina lura da wannan a gidajen 'yan'uwa da maƙwabta, kuma a ganina tsarin jere ne ya raba su, yawan kaya bai shiga ciki ba.

Jeren dā iri ɗaya ne. Tun zamanin ƙore, har aka zo kan tasoshi, sa'an nan langa da kumbo, mace takan ɗora babba a ƙasa, mai bi masa a bisansa, har zuwa ƙarami, fenti ɗaya, zane ɗaya. Kwano goma da aka ɗora haka, ido yakan ɗauke su abu guda ne. Amma kofin roba na biki, da furen roba, da agogo, da hoto, da kwalbar turare, ko da biyar ne, ido sai ya ƙidaya su ɗaya ɗaya, gama ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Wannan ƙidayar ce take gajiyar da mai kallo.

Bara ɗiyar ƙanwata ta tare a Mabera, bayan wata uku ta aiko in zo in duba mata falo. Kafinta ya yi mata kanta marar gilashi, hawa huɗu, faɗinta ƙafa uku, zurfinta inci goma sha biyu. Muka sauke kome a kan tabarma, muka ƙirga: abu arba'in da ɗaya. Tara daga ciki kofuna ne da farantai na roba waɗanda ake rabawa wurin biki, kowanne da hoton ango da amarya. Na ce a kai su ɗakin girki. Ta ce, "Inna, ai na ƙawayena ne, in sun zo ba su gani ba fa?" Na ce, "Ɗiyata, ki ba su ruwa a ciki, za su fi gani." Magunguna, da caja, da takardun wuta, muka zuba su a kwando mai murfi. Sauran muka ware iri iri, tangaran wuri ɗaya, littattafai wuri ɗaya, kayan hannu wuri ɗaya.

Hawan ƙasa muka ba kaya masu nauyi, wato kwandon nan da kumbo uku a ɗore. Nauyi a ƙasa yakan hana kanta rinjaya, kuma abin da hannun yaro zai kai ba mai fashewa ba ne. Hawa na biyu littattafai goma sha biyu a tsaye daga hagu, uku a kwance suna tokare su, dama kuwa muka bar ta wayam. Hawa na uku shi ne daidai idon mai shigowa, saboda haka can muka sa abin da ta fi so: ƙwarya mai zane da kakarta ta ba ta, da faifai jingine a bayanta, da ƙaramar tasa a gaba. Abu uku ne, dogo da matsakaici da gajere, suna ɗan taɓa juna, don haka sun zama ƙungiya guda. Da mun baje su a jere da tazara daidai, da sun yi kama da kayan tireda. Hawan sama farantan tangaran shida a ɗore, da hoton aurensu, shi ke nan.

Na tsaya mata a kan abu guda, cewa kowane hawa a bar kamar kashi ɗaya cikin uku babu kome. A kanta mai ƙafa uku, ƙafa guda ke nan. Kada kuma wurin da aka bari ya faɗo gefe ɗaya a dukan hawa: in na biyu ya bar dama, na uku ya bar hagu. Wannan shi ne ya fi yi wa mutane wuya, domin mu da muka tashi da jere, fili a kanta yakan yi mana kama da rashi. Ita ma sai da ta yi ta kai hannu za ta cike.

Launi ma muka taƙaita. Ƙwarya da faifai da kwando duk launin ƙasa ne, tangaran fari, sai jan tum-tum na fata a gindin kanta. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai, kuma janta ya ishi ɗaki; in an ƙara shuɗin fure da koren leda sai su dinga gardama. A dai nisanta fata da taga, gama rana tana busar da ita har ta tsage.

Batun tebur ya fi sauƙi. A garin nan, inda zafin Afrilu yake wuce digiri 40, baƙo bai gama gaisuwa ba an kawo masa ruwa. In sai an kwashe kaya kafin a ajiye jug da kofi, to tebur ya cika. Nata tsawonsa ƙafa uku da rabi ne. Muka sa faifai guda a gefe ɗaya, a kansa kaskon turaren wuta, da ƙaramin kwano mai murfi na dabino, da rimot. Faifan nan iyaka ne: abin da bai samu wuri a kansa ba, ba na tebur ba ne, kuma da hannu ɗaya za a ɗauke shi duka in za a ci abinci. Fiye da rabin tebur ya zauna fili. Tulun furen da yake tsakiya muka cire, domin ya kai kamu guda, yana tare fuskar wanda yake zaune a ɗaya kujerar. Abin da zai zauna a tebur kada ya wuce taƙi ɗaya. Teburin kansa muka ja shi inci goma sha takwas daga kujera, yadda gwiwa za ta wuce, hannu kuma ya kai.

Sai ƙura. Littattafan ado na ƙasashen Turai ba su san hunturunmu ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kanta marar gilashi da aka goge da safe, kafin la'asar ana iya rubutu a kanta da yatsa. Furen roba da kyallen leshi su suka fi riƙe ƙura, kuma ba su goguwa, sai wanki. Ga yadda nake gwadawa: a ɗauki tsumma mai ɗan laima a goge kanta duka, ana ɗaga kowane abu. In aikin ya wuce minti biyar, kayan sun fi ƙarfin mai su, nan da mako biyu za ta daina ɗagawa, ta koma goge gefe gefe. Ƙwarya da fata kuwa busasshen tsumma suke so.

Gwaji na biyu daga bakin ƙofa ake yinsa. A tsaya inda baƙo yake yin sallama, a dubi kanta sau ɗaya, a kau da kai, a faɗi abin da aka gani. Mijinta ya dawo daga aiki muka sa shi ya gwada, ya ce ƙwarya, da littattafai, da hoto. Kofunan biki kuwa, da ƙawayen suka zo da Kirsimeti, a cikinsu suka sha zoɓo.