Abin da ke Bayan Ƙofar Asara

Mai ƙaramin jari da ya zuba naira miliyan 1 a hannayen jarin kamfanoni huɗu yana da ma'auni biyu na auna haɗarin da ke gabansa. Na farko shi ne VaR, wanda bankin J.P. Morgan ya yayata a 1994. Na biyu kuma ES. Dukansu daga tarihin farashi ake fitar da su, sai dai ba tambaya ɗaya suke amsawa ba.

A ce ya jera sakamakon kwanakin ciniki 100 da suka wuce, daga mafi muni zuwa mafi kyau. Biyar na farko sun ci masa naira dubu 90, da 37, da 28, da 24, da 21, na shida kuma dubu 20. VaR a matakin kashi 95 cikin 100 shi ne dubu 20 ɗin nan, wato iyakar da asara ba ta ƙetare ba sai a kwana biyar. Nan bayaninsa ya tsaya. Da a ce kwanakin nan biyar dubu 21 zuwa 25 kawai suka ci, amsarsa ba za ta canza ba. Yana nuna bakin ƙofa, ba ya faɗin zurfin ramin da ke bayanta.

ES kuwa ramin yake leƙawa. Yana haɗa asarar munanan kwanakin biyar, dubu 200, ya raba gida biyar, ya ba da dubu 40. Wannan fifiko na cikin dalilan da suka sa Kwamitin Basel ya koma kansa a 2016 wajen ƙayyade jarin da bankuna za su tanada don haɗarin kasuwa.

Amma lambobi biyar kacal ke ɗauke da shi. Ranar da asarar dubu 90 ta tsufa ta fice daga lissafi, ES zai iya sauka zuwa dubu 26, alhali ba a sayar da komai ba, haɗarin kuma yana nan daram. Shi ma matsakaici ne: wanda ya tanadi dubu 40 bai shirya wa dubu 90 ba.

Akwai kuma makantar da suka yi tarayya a kai. Dukansu sun ɗauka ana iya sayarwa a farashin da allo ya nuna. A kasuwar hannayen jari ta Legas, farashi ba ya faɗuwa fiye da kashi 10 a rana, don haka babbar faɗuwa takan rarrabu cikin kwanaki a jere, masu sayarwa sun yi layi, babu mai saye. Ma'aunin kwana ɗaya zai rubuta kashi 10. Kwana biyar a haka kuwa sun cinye kusan kashi 41, mai jari yana kallo, ba shi da hanyar fita.