Bututun da na sa aka saya fiye da kima: darasi a kan auna nisa da taswira

Babu taswirar da aka shimfiɗa a takarda ko a fuskar kwamfuta da take nuna nisa daidai a ko'ina. Wannan magana na karanta ta tun ina ɗalibi, na kuma amsa ta a jarrabawa. Sai dai sani daban, aiki da sani daban. Ranar da ya kamata in yi aiki da ita ban yi ba, kuma kuɗin jama'a ne ya biya kuskuren.

An ba ni aikin lissafa bututun da za a shimfiɗa daga wata rijiyar burtsatse zuwa tankin wani ƙauye a yankin Agadas. Hanyar ta miƙe ne daga gabas zuwa yamma, a kan fili mai ƙarancin tudu da gangare. Na buɗe manhajar QGIS, na ɗora hoton tauraron ɗan adam a ƙasa, na ƙirƙiri sabon shafin zane a kansa. Manhajar ta nuna mini tsarin da shafin zai hau, wato EPSG:3857, wanda take rubutawa WGS 84 / Pseudo-Mercator. Shi ne tsarin da hoton ya zo da shi, kamar yadda galibin taswirorin intanet suke zuwa. Na gani, na wuce, domin ma'auninsa mita ne, ni kuwa mita nake nema.

Na zana layin a tsanake, ina kauce wa duwatsu da kwazazzabai. Da na gama, sai na rubuta wannan don ya ba ni tsawonsa:

```
length($geometry)
```

Ya ba ni mita 12,400. Kowane bututu yana cin mita 6 bayan an haɗa shi da ɗan'uwansa, saboda haka na raba, na sami 2,067. Na rubuta adadin a takardar sayen kaya, na ware ɗan ƙari daban saboda fashewa, na sa hannu. Aka saya, aka yi dako da mota zuwa wurin da kuɗin dako kaɗai ba ƙaramin abu ba ne.

Dalilin da ya sa hankalina ya kwanta shi ne na taɓa yin haka a kewayen Kano ba tare da wata matsala ta bayyana ba. Ayyukan can gajeru ne, kilomita ɗaya ko ƙasa da haka, kuma idan bututu uku ko huɗu suka rage, sai a ce ragowar ƙari ne. Ashe kuskuren yana nan tun lokacin, ƙanƙantarsa ce ta ɓoye shi.

Da aka kusa kammala aikin Agadas, mai kula da ma'aikata ya kira ni. Dattijo ne da ya daɗe a harkar ruwa. Ya ce, "Injiniya, mun isa tanki. Mun binne 1,978, ga 89 a jibge, ban da ƙarin da ka ware."

Abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne zargi. Na ce masa, "Baba, anya ba ku yanke hanya ba? Layin da na zana ba ya rage komai." Ya amsa a natse cewa sun bi turakun da aka kafa bisa zanena ɗaya bayan ɗaya, kuma in ina so in zo in taka da ƙafata. Na ajiye waya ina ganin laifin nasu ne.

Da dare na zauna in shirya hujjar da zan nuna musu. Na ninka 1,978 sau 6, na sami mita 11,868. Na raba 12,400 da wannan, sai ga 1.045. Na daɗe ina kallon lambar. Da a ce sun yanke hanya, da bambancin zai fito a wuri guda, a wata kwana da suka tsallake. Na ɗauko rahoton da suke aikowa kashi-kashi, na gwada kowane kashi da abin da na auna. Ko'ina bambancin ɗaya ne, kusan huɗu da rabi cikin ɗari, daga bakin rijiya har gindin tanki. Mai yanke hanya ba ya yanke ta daidai wa daida a kowane taku. Ma'auni ne kaɗai yake irin wannan kuskure. Na duba latitud ɗin wurin, digiri 17 arewa. Na danna 1 ÷ cos 17° a kalkuleta, ta ba ni 1.046. Nan jikina ya yi sanyi. Dattijon bai yi kuskuren bututu ko ɗaya ba. Ni ne na auna taswira na ɗauka ƙasa na auna, sannan na tuhumi wanda ya taka ƙasar.

Ga abin da ya faru. Duniya dunƙulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya. Wanda ya kife ƙwarya ya danna ta don ta kwanta a ƙasa ya san dole ta tsage. Masu taswira ba sa son tsagewa, sai su ja wani wuri su matse wani. Masanin lissafi Carl Friedrich Gauss ya tabbatar a 1827 cewa babu dabarar da za ta kauce wa wannan. Don haka kowane tsarin shimfiɗa taswira yana zaɓar abin da zai kiyaye ne, ko kusurwa, ko faɗin ƙasa, ko nisa ta wata fuska, ya sadaukar da saura.

Gerardus Mercator ya fitar da nasa tsarin a 1569 domin matuƙan jiragen ruwa, kuma kusurwa ya zaɓa. A kan duniya, layukan longitud suna matsowa kusa da juna yayin da ake nisa da ikwaita, har su haɗu a ƙuryar arewa da ta kudu. Shi kuwa ya miƙar da su tsaye, tazararsu ɗaya daga sama har ƙasa. Hakan ya buɗa gabas da yamma fiye da gaskiya, sai ya ja arewa da kudu gwargwadon haka don siffar wuri kada ta karkace. Gwargwadon jan shi ne 1 ÷ cos na latitud. A ikwaita babu ƙari. A Kano, digiri 12, ƙarin ya ɗan haura biyu cikin ɗari, wato mita 22 a kilomita, shi ya sa ban taɓa lura ba. A Agadas ya haura huɗu da rabi. A Landan ya kai kusan sittin cikin ɗari, a digiri 60 kuwa nisa ninkuwa yake yi. "Mita" ta EPSG:3857 ke nan tana ƙanƙancewa yayin da ake hawa arewa, umarnin da na rubuta kuma waɗannan mitocin taswira yake ƙirgawa, bai san da ƙasa ba.

Ko a taswirar bango haka abin yake. Nisan Kano zuwa Landan ta hanya mafi gajarta kusan kilomita 4,460 ne. Wanda ya ɗora rula a taswirar Mercator, ya yi amfani da ma'aunin ikwaita da ke ƙasanta, zai sami sama da 5,400.

To, wane tsari ya kamata in hau? Amsar ta danganta da girman aiki.

Ga aikin gari ko na yanki, irin bututu da titi da layin wuta, UTM ne. An yanka duniya gida 60, kowane gida faɗinsa digiri 6 na longitud, kuma kowanne yana da tasa taswirar da aka daidaita a kan layin tsakiyarsa. Da yake gidan siriri ne, ba a ja shi da yawa. A layin tsakiya ana rage mita da gangan zuwa 0.9996, can gefe ta ɗan haura ɗaya, kuskuren dai ba ya wuce kusan mita ɗaya a kilomita a cikin gidan. Agadas da Damagaram da Kano duk suna gida na 32 arewa, daga digiri 6 zuwa 12 gabas, lambarsa EPSG:32632. Sakkwato da Yamai suna na 31, Maiduguri tana na 33. Da na sake aunawa da wannan:

```
length(transform($geometry,'EPSG:3857','EPSG:32632'))
```

sai layin nan ya koma kusan mita 11,860. Tsakaninsa da abin da aka binne bai kai tsawon bututu biyu ba. Iyakar UTM ita ce gidansa. In aiki ya tsallaka gida da nisa, kuskuren yana girma da sauri.

Ga nisa mai tsawo daga wuri guda, akwai tsarin da manhajoji ke rubutawa Azimuthal Equidistant. Ana zaɓar cibiya, sai nisa da alƙibla daga wannan cibiya zuwa ko'ina a duniya su fito daidai. Taswirar da ke tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya da shi aka zana ta, cibiyarta ƙuryar arewa. In aka sa cibiyar a Kano, rula za ta ba da nisan Kano zuwa Makka daidai, da na Kano zuwa Landan. Amma Makka zuwa Landan ba zai fito daidai ba, domin layin bai ratsa cibiya ba. A nan mutane da yawa ke ruɗuwa, su ɗauka sunan tsarin yana nufin kowane nisa daidai ne. Kowane tsari mai kiyaye nisa yana kiyaye shi ne a kan wasu layuka kaɗai. Equidistant Conic, alal misali, yana kiyaye shi daga arewa zuwa kudu, da kuma a kan layukan latitud biyu da aka zaɓa. Taswirorin da ke kiyaye faɗin ƙasa kuwa, duk da amfaninsu wajen kwatanta girman ƙasashe, ba na auna nisa ba ne.

Hanya mafi aminci ita ce a bar taswirar gaba ɗaya, a lissafa a kan siffar duniyar kanta. A QGIS, `$length` yana yin haka matuƙar an zaɓi siffar duniya, kamar WGS 84, a saitin aikin. `length($geometry)` kuwa kullum shimfiɗar shafin yake bi. Sun yi kama a ido, amsarsu daban.

Washegari na kira dattijon na ba shi haƙuri, na kuma rubuta wa waɗanda suka ba ni aikin cewa bututu 89 da kuɗin dakonsu daga lissafina suka fito.

Ga duk wanda zai sa hannu a kan tsawon da kwamfuta ta ba shi, abu uku nake roƙo ya yi. Ya duba lambar EPSG ta shafin da yake aunawa, ba ta hoton da yake kallo kaɗai ba. In ya ga 3857, ya tsaya. Ya auna layin ta hanya biyu, a UTM da kuma `$length`, ya ga sun zo kusa da juna. In kuma ya ga bambanci tsakanin lissafinsa da na mutanen fili, kuma bambancin bai sauya ba daga kashi zuwa kashi, to ya gwada shi da 1 ÷ cos na latitud ɗin wurin kafin ya buɗe baki ya tuhumi kowa.